Yadda ake koyar da dinomineta, reshiyo da midiyan da Hausa, da buhu sittin na shinkafa

Malamin lissafi da ke koyarwa a ƙaramar sakandare a Birnin Kebbi, ko Argungu, ko Jega, ya san cewa littafin da ke hannunsa da Turanci aka rubuta shi, jarrabawar WAEC da ta NECO ma da Turanci za su zo, amma idan yana so ɗalibai su gane abin da yake faɗa, sai ya juya ya yi musu bayani da Hausa. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta wancan lokaci ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen uwa ko harshen yankin, saboda haka Hausa ba baƙuwa ba ce a ajin lissafi. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk sun zauna daram, babu mai gardama a kansu. Inda ake samun tangarɗa shi ne a kan kalmomi biyu da muka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu, wato “kashi” da “matsakaici”. Da “kashi” muke fassara firakshan, da shi muke fassara reshiyo, da shi kuma muke faɗin kaso cikin ɗari. “Matsakaici” kuwa shi muke kiran min, shi muke kiran midiyan, alhali amsoshinsu sukan yi hannun riga. Wannan jagora ta bi hanyar da nake bi a aji domin raba waɗannan ma'anoni, kuma misali ɗaya za mu riƙe daga farko, wato shinkafar noman rani da aka girbe a fadama.

Mataki na farko: a fara da sunayen da yara suka taho da su daga gida

Kafin a rubuta komai a allo, a tambayi ɗalibai sunayen rabe-raben da suka sani. Za su kawo rabi da kwata nan take, waɗanda suka yi nisa a makarantar allo ko Islamiyya kuma za su ƙara da sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri. Waɗannan kalmomi daga Larabci muka aro su, sun kuma shigo ta hanyar karatun gado da zakka, shi ya sa sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni da ushiri suka fi sauran zama a baki. A jera su a allo, a rubuta adadin kowanne a gabansa: sulusi 1/3, rubu'i 1/4, humusi 1/5, har zuwa ushiri 1/10.

Daga nan sai a nuna musu abin da ya sauya da abin da bai sauya ba. Lambar sama tana nan a 1, lambar ƙasa ce take canzawa, kuma duk lokacin da ta canza sai sunan ya canza. A nan ne ma'anar dinomineta take. A azuzuwanmu “lambar ƙasa” muke ce mata, numareta kuma “lambar sama”, kuma ban ga laifin waɗannan sunaye ba, domin yaro ba ya mantawa da su. Rauninsu ɗaya ne, sun faɗi inda lambar take zaune amma ba su faɗi aikinta ba. Saboda haka nake sa ɗalibai su haddace jimla guda tare da sunan: lambar ƙasa ita ce mai raɗa suna, lambar sama ita ce mai ƙirga. Ta ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu daidai wa daida, ta sama tana faɗin gida nawa aka ɗauka.

Hausa tana da hanyoyi uku na karanta 2/3, kuma yana da kyau yaro ya ji dukkansu a rana ɗaya. Ana cewa “biyu bisa uku”, wanda yake bin yadda aka rubuta daga sama zuwa ƙasa. Ana cewa “kashi biyu cikin uku”, wanda ya fi fito da ma'ana. Ana kuma cewa “sulusi biyu”, inda sunan ya riga ƙirgar zuwa, kamar yadda muke cewa buhu biyu ko akuya biyu. Wannan ta ukun ita ce ta fi amfani a wurina, domin ita ce take nuna cewa sulusi abu ne da ake ƙirgawa kamar kowane abu.

Yanzu a kawo shinkafar. Manomi ya girbe buhu 60. Rabinsa 30 ne, sulusinsa 20, rubu'insa 15, humusinsa 12, sudusinsa 10, ushirinsa 6. Na zaɓi 60 ne da gangan, domin 2, 3, 4, 5, 6 da 10 duk suna shiga cikinsa ba tare da saura ba. Ɗalibi da ya dubi wannan jeri zai ga da idonsa cewa lambar ƙasa tana girma, rabon yana ƙanƙancewa, wanda shi ne abin da yara da yawa suke juyawa, su ce 1/8 ya fi 1/4 saboda 8 ya fi 4. Idan wani ya nace, a tuna masa da abin da ya ji a karatun gado: matar mamaci tana samun rubu'i idan mijin bai bar ɗa ba, idan kuwa ya bar ɗa sai rabonta ya koma sumuni, kuma kowa ya san raguwa ya yi. Haka zakkar amfanin gona, wadda take ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri kuma ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. A buhu 60, ushiri 6 ne, rabin ushiri 3, wato 1/20, lambar ƙasa ta ninka, abin fitarwa ya ragu da rabi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan mataki yana fitowa ne wajen tarawa. A ba yara 1/2 + 1/3, za a samu da yawa sun rubuta 2/5, domin sun tara na sama sun tara na ƙasa. Kada a yi saurin jan jar alƙalami a kai. A mayar da su ga buhunan: rabi 30 ne, sulusi 20 ne, jimlarsu 50, shi kuwa 2/5 na 60 buhu 24 ne kacal, bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Wannan ita ce alamar gane kuskuren, an ƙara wa rabi wani abu amma amsar ta fito ƙasa da rabi. Gyaran kuwa yana cikin jimlar da suka haddace. Tunda lambar ƙasa suna ce, ba a tara sunaye, sai dai a nemo suna ɗaya da duka biyun za su amsa. Rabi sudusi uku ne, sulusi sudusi biyu ne, idan aka haɗa sun zama sudusi biyar, wato 5/6, kuma 5/6 na 60 shi ne buhu 50 ɗin da muka samu tun farko. Sai bayan yaro ya yi wannan da bakinsa nake nuna masa hanyar nemo ƙaramar lambar da 2 da 3 suke shiga cikinta.

Mataki na biyu: a raba “bisa” da “ga”

Reshiyo ba shi da suna guda da duk malamai suka haɗu a kai. Za ka ji wani ya ce kaso, wani ya ce rabo, wani ya ce gwargwado, wani kuma ya bar shi reshiyo kawai. A ganina “gwargwado” ya fi kusa, domin idan Bahaushe ya ce a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, ainihin aikin reshiyo ya faɗa. Kaso da rabo suna ja hankalin yaro zuwa ga abin da mutum ɗaya ya samu, shi kuwa reshiyo gwada abu biyu yake yi da juna. Duk da haka sunan bai kai yadda ake karanta alamar muhimmanci ba. Ana rubuta reshiyo da ruwa biyu, kamar 2:3, kuma na sha jin ana karanta shi “biyu bisa uku”, daidai da yadda ake karanta 2/3. Daga wannan karatu ne ɓarnar take farawa. Dokar ajina ita ce, layin kwance “bisa” ne ko “cikin”, ruwa biyu kuwa “ga” ne. Saboda haka 2/3 biyu bisa uku ne, 2:3 kuwa biyu ga uku.

Ga yadda bambancin yake a aikace. Mutum biyu sun haɗa jari sun noma shinkafar nan, na farko ya zuba naira 200,000, na biyu ya zuba naira 300,000, suka yi yarjejeniya cewa za a raba amfanin gwargwadon jarin kowa. Da farko a rubuta 200,000:300,000, a raba kowane gefe da 100,000, ya koma 2:3. Na biyu, a tara lambobin biyu, 2 da 3 sun zama 5, wato gida biyar za a kasa shinkafar. Na uku, a raba 60 da 5, kowane kashi ya zama buhu 12. Na huɗu, a ba na farko kashi biyu, buhu 24, a ba na biyu kashi uku, buhu 36. Daga ƙarshe a gwada ta hanya biyu: 24 da 36 sun koma 60, kuma idan aka raba 24:36 da 12 ya koma 2:3. Idan ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan ya ƙi, akwai kuskure a wani wuri.

Wata rana na ba aji wannan tambaya kafin in kafa dokar “bisa” da “ga”, sai mafi yawansu suka ɗauki 2/3 na 60, suka ba na farko buhu 40, suka bar wa na biyu 20. Ban ce komai ba, na rubuta amsar a allo kamar na yarda da ita. Wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta yi ta kallon allon tana juya fensir a hannu, can sai ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wanga rabo ba ya yiwuwa, wanda ya zuba kaɗan shi yas samu da yawa.” Na ce mata, “To, Malama, ina aka ɓata?” Ta ce gida biyar ya kamata a kasa, su kuwa gida uku suka kasa. Abin da ta gano shi ne zuciyar darasin: a cikin 2/3, lambar 3 tana wakiltar dukkan shinkafar, a cikin 2:3 kuwa lambar 3 rabon mutum ɗaya ce, dukkan shinkafar 5 ce. Don haka idan za a mayar da reshiyo zuwa firakshan, jimlar ɓangarorin ce take zama lambar ƙasa, na farko yana da 2/5, na biyu yana da 3/5.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai iya tambaya ko 2/3 ba shi da wani matsayi a nan ke nan. Yana da shi, kuma bai kamata a ɓoye masa ba. Buhu 24 sulusi biyu ne na buhu 36, wato rabon ƙaramin 2/3 ne na rabon babban. Abin da ya kamata ya saba tambayar kansa kullum shi ne, kashi biyu cikin uku na me? Na dukkan amfanin, ko na rabon abokin tarayya? Wanda ya saba da wannan tambaya ba zai ruɗe ba ko da littafi ya rubuta reshiyo da siffar firakshan, kamar yadda wasu littattafai suke yi.

Abubuwa biyu ƙanana sun rage a nan. Jeri yana da muhimmanci, 2:3 daban yake da 3:2, kuma wanda aka fara ambata a tambaya shi ne mai lambar farko. Sannan dole ma'auni ya zama ɗaya kafin a gwada, domin minti 30 ga awa 2 ba 30:2 ba ne, sai an mayar da awa 2 minti 120, ya zama 30:120, wato 1:4.

Idan ana son tambaya guda da za ta haɗa firakshan da reshiyo, lissafin gado ya tanade ta. A ce mutum ya rasu ya bar naira 400,000 bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa kuma mata ɗaya ce da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi rasuwa. Matar tana da sumuni, wannan firakshan ne na dukkan dukiyar, naira 50,000. Sauran naira 350,000 kuwa reshiyo ne zai raba shi, namiji yana da rabon mata biyu, wato 2:2:2:1, gida bakwai ke nan, kowane kashi naira 50,000, kowane namiji ya sami 100,000, macen ta sami 50,000. Nakan gaya wa ɗalibai cewa rabon gado na gaskiya aikin malamai ne da alƙalai, mu lissafin kawai muka ara.

Kaso cikin ɗari ba ya bukatar dogon bayani bayan wannan, domin firakshan ne da aka tsayar da lambar ƙasansa a 100. Rabon na farko, 2/5, shi ne kashi 40 cikin 100, rabin ushiri kuma kashi 5 cikin 100. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a bar yaro ya ce “kashi arba'in” ya yi shiru, sai ya cika da “cikin ɗari”.

Mataki na uku: matsakaici iri uku ne, kowanne da sunansa

A ilimin ƙididdiga akwai ma'aunai uku da ake taƙaita tarin alƙaluma da su, waɗanda ɗalibai suke ji a aji da sunan min, midiyan da mod. Na farkon ma yakan ba yara dariya, domin ya yi kama da “min” ɗin da ke cikin “kawo min”, na biyun kuma wasu sukan ɗauka da kafofin watsa labarai ake. Idan malami ya fassara dukkansu da “matsakaici” ko “tsaka-tsaki”, ya rufe ƙofar bambancewa tun kafin a fara. Sunayen da nake amfani da su daga aikin kowanne aka ciro su. Min shi ne matsakaicin raba-daidai, domin ana tara komai ne a raba wa kowa daidai. Midiyan shi ne na tsakiyar jeri, kuma da gangan na sa kalmar “jeri” a cikin sunan. Mod shi ne mafi yawan fitowa.

A ce manoma tara ne a wani yanki na fadamar, kuma ga buhunan da kowannensu ya samu yadda aka rubuta su a takarda: 14, 8, 80, 10, 19, 11, 10, 15, 13. Domin samun matsakaicin raba-daidai, a tara su, jimla 180, a raba da 9, amsa 20. Domin samun na tsakiyar jeri, sai an fara jera su daga ƙarami zuwa babba: 8, 10, 10, 11, 13, 14, 15, 19, 80. A riƙa soke ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, har a bar guda, wato 13, mutum huɗu suna ƙasa da shi, huɗu suna sama. Mafi yawan fitowa kuwa 10 ne, domin shi kaɗai ya zo sau biyu.

Yanzu a dubi amsoshin da kyau, domin a nan ne darasin yake da daɗi. Matsakaicin raba-daidai ya ce 20, amma cikin manoma tara, takwas ba su kai buhu 20 ba. Mutum ɗaya mai buhu 80 ne ya ja lissafin sama, ya sa kowa ya yi kama da mai hali. Idan aka je aka gaya wa mai buhu 8 cewa manoman wurin suna samun buhu ashirin-ashirin, zai ce ba a fadamarsu aka yi wannan ƙirga ba. Na tsakiyar jeri, 13, shi ya fi kama da abin da talakan manomi ya kai gida. A gwada wa ɗalibai wani abu kuma: a goge 80 a rubuta 170. Jimla ta koma 270, raba-daidai ya haura zuwa 30, na tsakiyar jeri kuwa yana nan a 13 bai motsa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu ƙididdiga suke fifita midiyan a wurin abubuwa irin su kuɗin shiga, inda 'yan kaɗan suke da abin da ya ninka na saura. Raba-daidai ma yana da ranarsa, domin shi kaɗai ne idan aka ninka shi da yawan mutane yake mayar da jimla, saboda haka wanda yake son sanin buhu nawa za a loda a mota, 20 sau 9 zai yi, 13 ba za ta amfane shi ba.

Kurakurai uku ake yi a midiyan, kuma kowanne yana da alamarsa. Na farko shi ne ɗaukar na tsakiya ba tare da an jera ba, wanda a misalinmu zai ba da 19. Ana gane shi da ƙirga, domin bakwai suna ƙasa da 19, ɗaya tak ke sama, alhali ya kamata ɓangarorin biyu su daidaita. Na biyu yana zuwa ne daga dabarar nemo gurbi, wadda ake rubutawa (n + 1) ÷ 2, inda n yake nufin yawan alƙaluman. Ga manoma tara tana ba da 5, sai yaro ya rubuta 5 a matsayin amsa, alhali abin da ta faɗa shi ne a dubi na biyar a jeri, wato mai buhu 13. Alamar wannan kuskure a nan ita ce 5 ya gaza ko mafi ƙanƙantar adadi a jerin. Na uku yana fitowa idan yawan alƙaluman cika ne maimakon mara. A ƙara manomi na goma mai buhu 16, jerin ya zama 8, 10, 10, 11, 13, 14, 15, 16, 19, 80. Idan aka soke daga gefe da gefe, biyu ne za su rage, 13 da 14, sai a tara su a raba biyu, amsa 13.5, wadda ake karantawa goma sha uku da ɗigo biyar, ko goma sha uku da rabi. Yara sukan ƙi wannan amsa su ce babu manomin da ya sami buhu goma sha uku da rabi, sai a nuna musu cewa ba dole ne ma'aunin ya zama ɗaya daga cikin alƙaluman ba, domin 20 ɗin da suka karɓa ɗazu ma babu wanda ya same shi.

Inda makaranta take da kwamfuta, ko malami yake da manhajar Excel a wayarsa, ana iya tabbatar da amsoshin a gaban ɗalibai. A zuba adadin manoma taran daga A1 zuwa A9, ba sai an jera su ba, sannan a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
=AVERAGE(A1:A9)
=MEDIAN(A1:A9)
=MODE(A1:A9)
```

Za su ba da 20, 13 da 10. A lura cewa ruwa biyun da ke cikin A1:A9 ba reshiyo ba ne, “daga nan zuwa nan” yake nufi, kuma gara malami ya faɗi haka kafin wani ya karanta shi da “ga”.

Mataki na ƙarshe: a ɗaure sunan Hausa da na jarrabawa

Tunda takardar jarrabawa da Turanci za ta zo, sunan Hausa shi kaɗai ba zai kai yaro ko'ina ba idan bai gane kalmar da aka buga a takarda ba. Abin da nake yi shi ne in sa kowane ɗalibi ya ware shafin ƙarshe na littafinsa ya ja layi ya raba shi gida uku. A gidan farko ya kwafi kalmar harafi bayan harafi yadda take a littafin karatu, a na biyu ya rubuta sunanta na Hausa da muka tsayar a aji, a na uku ya rubuta misali guda daga buhunanmu, kamar 5/6 da aka zagaye 6 ɗinsa a gaban lambar ƙasa, ko 24:36 a gaban gwargwado, ko jerin taran da aka ja layi a ƙarƙashin 13. Sunan da aka tsayar a farkon zango kada a sauya shi a tsakiya, kuma idan malamai biyu ne suke koyar da lissafi a makarantar, su zauna su daidaita bakinsu, domin yaron da ya koyi “na tsakiyar jeri” a aji ɗaya, ya je aji biyu ya tarar ana ce masa “matsakaici”, zai koma tarawa da rabawa. Duk ranar da za a yi gwaji, nakan ba su minti biyar na farko su buɗe wannan shafi, ɗaya ya karanta kalmar gidan farko, na kusa da shi ya rufe gida na biyu da tafin hannu ya faɗi sunan da ka, sannan su yi musanya.